Yadda Ake Kwafar Fomula Zuwa Ƙasa a Excel, da Yadda Alamar Dala Ke Kulle Adireshi

Idan ka rubuta fomula a akwati ɗaya na Excel, sannan ka ja ta zuwa akwatunan da ke ƙasa, adireshin akwatunan da ke cikinta yana canzawa da kansa. Wannan canji shi ne ke sa mutum ya rubuta lissafi sau ɗaya ya yi amfani da shi a layi ɗari biyar, kuma shi ne ke ɓata lissafi idan akwai akwati guda da ya kamata kowane layi ya koma gare shi, kamar wanda aka ajiye adadin haraji a ciki. Za mu bi aikin da takardar cinikin wani shagon kayan gini, mu ga inda canjin yake da amfani, mu ga inda yake kawo ɓarna, sannan mu gyara shi da alamar dala.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Excel, ko wane zamani ne nata. Idan babu Excel, Google Sheets da LibreOffice Calc da WPS Office duk suna bin ƙa'ida ɗaya a wannan batu, kuma yawancin fomulolin da ke nan za su yi aiki a cikinsu yadda suke. Ana iya yi a waya, sai dai ga mai koyo na fi son ya fara a kwamfuta, domin ya fi sauƙin ganin akwatuna da yawa a lokaci guda. Kana kuma buƙatar kalkuleta, ko da ta waya ce, don tantance amsa ɗaya ko biyu da hannu. Ka nemi alamar `$` a allon madannai tun kafin ka fara: a allon Ingilishi tana kan lamba 4, ana danna ta tare da `Shift`, a allon Faransanci kuwa, wanda aka fi samu a Nijar, tana da nata madanni kusa da `Enter`.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe game da adireshi. Kowane akwati yana da harafi da lamba. Harafin yana nuna ginshiƙi, wato jerin da ke tsaye, lambar kuma tana nuna layi, wato jerin da ke kwance. Akwatin `B4` yana ginshiƙin B ne, a layi na 4.

Mataki na 1: Shirya takardar

Buɗe sabon shafi ka shigar da waɗannan bayanai daidai inda aka nuna, domin duk bayanin da zai biyo baya ya dogara ne da wurin da kowane abu yake. Farashin na misali ne kawai. Adadin harajin kuwa shi ne na VAT a Najeriya, kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2020.

```
     A            B      C        D      E
1    VAT          7.5%
2
3    Kaya         Adadi  Farashi  Jimla  Haraji
4    Siminti      20     9000
5    Fenti        4      15000
6    Ƙusa         10     2000
7    Kwanon rufi  2      70000
```

Ka bar layi na 2 babu komai. A `B1` ka tabbata ka rubuta alamar kashi bayan lambar, domin idan ka rubuta 7.5 zalla, harajin zai fito ninki ɗari na yadda ya kamata. Wanda yake Nijar zai iya sa kashi 19 na TVA a wurin, kuma idan manhajarsa ta Faransanci ce, waƙafi ake sakawa a maimakon ɗigo wajen rubuta lamba mai gutsure, kamar `7,5%`.

Mataki na 2: Rubuta fomula ta farko ka kwafe ta ƙasa

Danna `D4` ka rubuta:

```
=B4*C4
```

Amsar za ta fito 180,000, wato buhu 20 a kan naira 9,000. Yanzu ka sake danna `D4`. A kusurwar akwatin ta ƙasa daga dama akwai wani ɗan ƙaramin ɗigo mai kusurwa huɗu. Ka ɗora linzami a kansa har alamar ta koma siririn gicciye baƙi, ka danna ka riƙe, ka ja zuwa `D7`, sannan ka saki. Idan linzaminka ba ya da kyau ko hannunka bai saba da ja ba, ka zaɓi akwatuna daga `D4` zuwa `D7` ka danna `Ctrl+D`, ko kuma ka kwafi `D4` da `Ctrl+C` ka manna a sauran da `Ctrl+V`. Duk hanyoyin uku sakamakonsu ɗaya ne.

Za ka samu 60,000 da 20,000 da 140,000. Kada ka wuce nan sai ka danna kowane akwati ka karanta abin da ke sandar fomula a saman shafin. A `D5` za ka ga `=B5*C5`, a `D6` za ka ga `=B6*C6`, haka har ƙasa. Ba kai ka rubuta su ba, amma su ne daidai abin da ake so.

Mataki na 3: Fahimci abin da manhajar ta kwafa

Dalilin canjin shi ne, lokacin da ka rubuta `=B4*C4` a cikin `D4`, manhajar ba ta ɗauki `B4` a matsayin wani tsayayyen wuri ba. Abin da ta riƙe shi ne tazarar da ke tsakanin akwatin fomula da akwatin da aka ambata. A wurinta ma'anar fomular ita ce: ɗauki abin da ke akwati na biyu a haguna a wannan layi, ka ninka shi da abin da ke akwati na farko a haguna. Wannan umarnin ne ake kwafa, kuma idan ya sauka a layi na 5, akwati na biyu a hagu ya zama `B5`. Kamar wanda aka yi wa kwatance ne aka ce ya shiga gida na biyu a hagunsa: gidan da zai shiga ya danganta da inda yake tsaye, saɓanin a ce masa ya je gidan mai unguwa, wanda yake wuri ɗaya ko daga ina mutum ya taso.

Daga nan ƙa'idar ta fito. Idan ka kwafi fomula zuwa ƙasa ko sama, lambobin adireshi ne ke canzawa, gwargwadon yawan layukan da ka matsa. Idan ka kwafe ta zuwa dama ko hagu, haruffa ne ke canzawa. Idan ka kai ta ƙasa kuma dama, duka biyun suna canzawa.

Mai son ganin wannan da idonsa a Excel zai iya shiga `File`, sannan `Options`, sannan `Formulas`, ya sa alama a `R1C1 reference style`. Nan take akwatuna huɗun nan za su nuna fomula iri ɗaya sak:

```
=RC[-2]*RC[-1]
```

Lambobin da ke cikin baka su ne tazarar, kuma alamar ragi tana nufin zuwa hagu. Ina ba kowane mai koyo shawarar ya yi wannan gwaji sau ɗaya, domin bayansa ba ya sake ɗaukar canjin a matsayin wata ɗabi'a ta kwamfuta da ba a san kanta ba. Idan ka gani, ka cire alamar domin haruffan ginshiƙi su dawo.

Mataki na 4: Ga inda canjin yake ɓata lissafi

Yanzu mu lissafa haraji. Da gangan za mu fara da hanyar da ba daidai ba, domin ka san kamannin kuskuren idan ka gamu da shi a aikin gaske. A `E4` ka rubuta:

```
=D4*B1
```

Amsar ita ce 13,500, kuma daidai take. Ka ja fomular zuwa `E7`. Abin da zai fito a akwatuna ukun da ke ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowanne ya lalace ta hanyarsa daban.

A `E5` za ka ga sifili. Fomular ta zama `=D5*B2`, kuma `B2` babu komai a cikinsa, manhajar kuwa tana ɗaukar akwatin da babu komai a matsayin sifili idan ana ninkawa. A `E6` za ka ga `#VALUE!`, domin fomular ta zama `=D6*B3`, kuma abin da ke `B3` kalmar Adadi ce, ba a ninka lamba da kalma. A `E7` kuwa za ka ga 2,800,000. Fomular ta zama `=D7*B4`, wato an ninka kuɗin kwano, naira 140,000, da adadin buhunan siminti 20.

Cikin ukun, na ƙarshen ne ya fi haɗari. Saƙon kuskure yana tsone ido, sifili ma yakan sa mutum ya yi tambaya, amma lamba cikakkiya da ta fito daga akwatin da bai dace ba tana zaune shiru a cikin takarda kamar kowace lamba. A misalinmu ta yi girman da za a lura da ita. A takarda mai layi ɗari biyu, inda akwatin da fomular ta zame zuwa kansa yake ɗauke da 1 ko 2, amsar tana iya yin kama da gaskiya har a tura wa mai saye. Kada kuma ka jira manhajar ta yi maka gargaɗi a kan irin wannan lamba. A wurinta fomulolin huɗu iri ɗaya ne, kowacce tana cewa a hau layi uku sama a matsa ginshiƙi uku hagu, kuma abin da ka umarta ke nan.

Mataki na 5: Kulle adireshin da alamar dala

A fomular harajin akwai adireshi biyu, kuma buƙatarsu ta bambanta. `D4` ya kamata ya riƙa sauka tare da layi, domin kowane kaya yana da jimlarsa. `B1` kuwa ya kamata ya tsaya inda yake. Alamar `$` ita ce ke gaya wa manhajar cewa abin da ya biyo bayanta kai tsaye kada ya canza idan an kwafa. A nan ba ta da alaƙa da kuɗin Amurka, kuma ba ta mayar da naira dala.

Ka koma `E4`, ka danna `F2` domin shiga cikin fomular, ka gyara ta ta zama:

```
=D4*$B$1
```

Alama ta farko ta kulle harafin B, ta biyu ta kulle lambar 1. Danna `Enter`, sannan ka sake jan fomular daga `E4` zuwa `E7`. Wannan sake ja ɗin yana da muhimmanci, kuma masu koyo da yawa suna mantawa da shi: gyaran akwatin farko ba ya gyara kwafin da aka riga aka yi. Yanzu amsoshin za su zama 13,500 da 4,500 da 1,500 da 10,500, kuma idan ka duba `E7` za ka ga `=D7*$B$1`.

Ba dole ba ne ka rubuta alamun da hannu. Yayin da kake cikin fomula, ka sa alamar rubutu a kan adireshin ka danna madannin `F4`. Kowace dannawa tana juya shi zuwa wata siga, kuma ta huɗu tana dawo da shi yadda yake:

```
B1  →  $B$1  →  B$1  →  $B1  →  B1
```

A kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, madannan saman allo an ba su aikin sauti ko haske, don haka sai ka haɗa `Fn` da `F4`. A Excel na Mac ana iya amfani da `Cmd+T`. A waya kuwa kana iya rubuta alamar da hannu. Ka kiyaye abu biyu: idan ba ka cikin fomula, `F4` a Excel yana maimaita aikin da ka yi na ƙarshe ne, kuma idan yatsanka ya haɗa shi da `Alt`, manhajar za ta nemi rufewa.

Wasu sukan kauce wa duk wannan ta hanyar rubuta adadin kai tsaye, kamar `=D4*0.075`. Amsar takan fito daidai, amma ban yarda da wannan hanya ba. Ranar da adadin haraji ya canza, sai an bi kowace fomula an gyara, kuma wanda ya gaji takardar daga hannunka ba zai ga adadin a ko'ina ba sai ya buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 6: Tantance aikin

A `D8` ka rubuta `=SUM(D4:D7)`, a `E8` kuma `=SUM(E4:E7)`. Mai manhajar Faransanci zai rubuta `SOMME` a maimakon `SUM`. Jimlar kaya za ta zama 400,000, harajin kuma 30,000. Ka buga kashi 7.5 na 400,000 a kalkuleta, ya kamata ka samu 30,000 ɗin nan.

Gwaji na biyu shi ne ka canza `B1` zuwa `10%` na ɗan lokaci. Kowane akwati a ginshiƙin haraji dole ne ya motsa, jimlar ta zama 40,000. Duk akwatin da bai motsa ba, ko dai ba ya kallon `B1`, ko kuma an rubuta lamba a cikinsa da hannu. Ka mayar da adadin yadda yake bayan gwajin.

Ɗabi'ar da na fi so ka ɗauka ita ce duba akwatin ƙarshe. Duk lokacin da ka kwafi fomula ƙasa, ka je layin da ta tsaya, ka danna `F2`. Manhajar za ta zagaye akwatunan da fomular ke amfani da su da layuka masu launi, sai ka ga ko kowanne yana inda ya dace, sannan ka fita da `Esc`. Akwatin farko kusan kullum daidai yake, domin kai ka rubuta shi kana kallo, ɓarnar tana bayyana ne a ƙasa. Idan kana son ganin dukkan fomulolin shafin a lokaci ɗaya, ka shiga `Formulas` ka danna `Show Formulas`.

Mataki na 7: Kulle rabin adireshi

A fomular harajinmu, da mun rubuta `B$1` kawai da ya wadatar, tunda ƙasa muke kwafa kuma lambar ce kaɗai ke zamewa. An fi kulle duka biyun ne don kada fomular ta lalace idan wata rana an kwafe ta zuwa gefe. Amma akwai aikin da kulle duka biyun yake ɓata shi, kuma a nan ne ake gane wanda ya fahimci batun.

A ce mai shagon yana son jadawalin da zai nuna kuɗin kowane kaya idan an sayi 10 ko 20 ko 50. A sabon shafi ka shirya haka:

```
     A       B    C    D
1            10   20   50
2    9000
3    15000
4    2000
```

Muna son fomula ɗaya a `B2` wadda za a kwafa dama da ƙasa ta cika akwatuna tara. Idan ka rubuta `=A2*B1` ka ja zuwa dama, a `C2` za ta zama `=B2*C1`, wato 90,000 sau 20, ta ba da 1,800,000 a maimakon 180,000. Idan kuma ka kulle komai da `=$A$2*$B$1`, akwatuna taran duk za su nuna 90,000.

Hanyar warwarewa ita ce ka yi wa kowane adireshi tambaya biyu. Idan na matsa dama, ina son harafinsa ya canza? Idan na sauka ƙasa, ina son lambarsa ta canza? Farashi kullum yana ginshiƙin A, amma layinsa yana sauka, don haka harafin ake kullewa. Adadi kullum yana layi na 1, amma ginshiƙinsa yana matsawa, don haka lambar ake kullewa.

```
=$A2*B$1
```

Ka ja ta daga `B2` zuwa `D2`, sannan ka ja layin gaba ɗaya zuwa layi na 4. A akwatin ƙarshe, `D4`, ya kamata ka ga `=$A4*D$1` da amsar 100,000.

Wannan dabara tana aiki har a cikin kewayo, wato jerin akwatuna irin `D4:D7`. Idan ka koma takardar ciniki kana son jimla mai taruwa layi bayan layi, ka rubuta wannan a layi na 4 na wani ginshiƙi da babu komai:

```
=SUM($D$4:D4)
```

Farkon kewayon a kulle yake, ƙarshensa a buɗe, don haka yana tsawo yayin da ake sauka, ya ba da 180,000, sai 240,000, sai 260,000, sai 400,000. Ka tsayar da ita a layi na 7. Idan ta sauka layi na 8, za ta haɗa har da jimlar da ke `D8` ta ba da 800,000.

Mataki na 8: San abin da alamar ba ta yi

Alamar dala tana aiki ne a lokacin kwafi da ja kawai. Idan ka ƙara sabon layi a saman shafin, adadin harajin zai sauka zuwa `B2`, kuma duk fomulolin za su koma `$B$2` da kansu. Wannan ba lalacewa ba ce, manhajar tana bin akwatin ne zuwa sabon wurinsa. Haka nan idan ka yanke akwatin fomula da `Ctrl+X` ka manna shi a wani wuri, adireshinsa ba ya canzawa ko da babu alamar dala, domin yankewa ƙaura ce ga fomular, ba sabon kwafi ba. Idan kuwa ka share layin da adadin harajin yake gaba ɗaya, alamar ba za ta cece shi ba, fomulolin za su nuna `#REF!`, kuma mafita mafi sauri ita ce `Ctrl+Z` nan take.

Akwai wani tarko kuma idan ka kwafi fomular zuwa wani shafi na littafin, wato fayil ɗin da kake aiki a ciki. `$B$1` za ta kalli `B1` na sabon shafin ne, wanda wataƙila babu komai a cikinsa. Idan kana son ta ci gaba da kallon shafin farko, sai ka sa sunansa a gaba, kamar `Sheet1!$B$1`.

Idan adadi ɗaya ne ake amfani da shi a shafuka da yawa, hanyar da ta fi tsafta a Excel ita ce raɗa wa akwatin suna. Ka danna `B1`, ka je ƙaramin akwatin da ke hagun sandar fomula inda ake nuna adireshi, ka rubuta `KashinHaraji` babu tazara a tsakani, ka danna `Enter`. Daga nan fomular harajin tana iya zama:

```
=D4*KashinHaraji
```

Sunan da aka raɗa ta wannan hanya a kulle yake tun asali, kuma yana aiki a kowane shafi na littafin. Ka kwafi fomular zuwa `E7`, ka tabbata jimlar harajin ta sake fitowa 30,000 kafin ka ajiye takardar.